Jirgin 00:40 na Ranar Asabar: Wane Dare Ake Zuwa Filin Jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yanko wa mahaifiyata tikitin Umara daga Kano zuwa Jidda, mu kuma a Katsina muke. A takardar da ejan ya turo an rubuta `15NOV 0040` a tafiya, a dawowa kuma `29NOV 2330`, sauka `0220+1`. Ni na ce Asabar da dare za mu kai ta filin jirgi, yayana ya ce a'a, Juma'a da dare ne. Wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma yaushe za mu je ɗauko ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta, ya saka muku da alheri.

Yayanka ne ke da gaskiya. Ranar Juma'a 14 ga Nuwamba za ku baro Katsina, ku kasance a filin jirgin Malam Aminu Kano wajen ƙarfe tara na dare. Jirgin zai tashi sha biyu da minti arba'in na wannan daren, wato daren Juma'a wayewar Asabar. In kuka bari sai Asabar da dare, za ku tarar jirgin ya yi sama da awa ashirin da tashi, ya sauke mutanensa a Jidda, wasunsu ma sun gama ɗawafi da sa'ayi sun kwanta.

Ina sana'ar yankan tikiti, kuma a cikin kurakuran da ke jawo wa fasinja asara babu wanda ke damuna kamar wannan, don mai yin sa ba sakaci ya yi ba. Ya biya kuɗinsa, ya haɗa kayansa, ya yi sallama da dangi, ya iso fili da wuri. Abin da ya kayar da shi kawai shi ne lokacin da yake ganin rana take farawa ya saɓa da lokacin da tikiti yake ganin tana farawa.

A rayuwarmu ta yau da kullum, rana tana farawa ne da wayewar gari. Mutum in yana zaune ana hira har ɗaya saura na dare, a wurinsa har yanzu Juma'a ce, tunda bai kwanta ya tashi ba. Sai ya ji kiran assalatu sannan ya yarda an shiga Asabar. A lissafin addini kuma rana tana farawa da faɗuwar rana, shi ya sa dare yake riga yini: daren Juma'a da ake yawaita salati a cikinsa shi ne na ranar Alhamis bayan magariba, kuma tarawihin farko ana yin sa kafin a ɗauki azumin farko. Tikitin jirgi bai bi ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Shi ranarsa tana juyawa ne a tsakiyar dare cif. Minti ɗaya kafin sha biyu, 23:59, Juma'a ce 14 ga wata. Da agogo ya buga 00:00 an shiga Asabar 15 ga wata, ko da kowa a gari bai riga ya kwanta ba. To jirgin Hajiya zai tashi ne Asabar tana da minti arba'in kacal da shigowa. Kwanan watan da ke takardar daidai yake, Asabar ce. Sai dai farkonta ne ake nufi, ba ƙarshenta ba.

Saboda haka ka yi hattara da kalmar "daren Asabar" in kana yi wa 'yan uwa bayani. Dattijuwa da ta saba da lissafin addini za ta ɗauka Juma'a bayan magariba kake nufi, kuma ta dace. Ƙaninka ɗan makaranta zai ɗauka Asabar bayan isha'i kake nufi, kuma ya yi kuskure. Direban da zai kai ku, Allah kaɗai ya san wanne ya ɗauka. Ni a ofis ba na faɗin sunan rana ɗaya ga jirgin tsakar dare. Rana biyu nake ambata kullum: "Juma'a da dare za ku je fili, jirgi ya tashi wayewar Asabar." Kuma ina sa fasinja ya maimaita mini da bakinsa kafin ya fita.

Bari mu karanta takardar tare. In ka roƙi ejan ya turo maka abin yadda yake a na'urarsa, za ka ga layuka masu kama da waɗannan:

```
15NOV 6 KANJED HK1 0040 0725
29NOV 6 JEDKAN HK1 2330 0220+1
```

Lambar 6 da ke bayan kwanan wata ranar mako ce. A tsarin jirage Litinin ce 1, a bi da haka har Lahadi 7, don haka 6 Asabar ce. `KAN` Kano, `JED` Jidda. `HK1` na nufin kujera ɗaya an tabbatar da ita. Sai lambobi biyu na ƙarshe, lokacin tashi da lokacin sauka, kowanne lamba huɗu: biyun farko awa, biyun ƙarshe minti.

Agogon awa ashirin da huɗu ba shi da wuya in ka riƙe abu ɗaya: yana ƙirga yini ne sau ɗaya daga tsakiyar dare zuwa tsakiyar dare, ba ya komawa ɗaya bayan sha biyun rana. Duk lambar da ta fara da 00 zuwa 11 kafin tsakar rana ce. 1200 tsakar rana. Daga 13 zuwa 23 sai ka cire sha biyu: 1400 ƙarfe biyu na azahar, 1600 ƙarfe huɗu na la'asar, 2000 takwas na dare, 2330 sha ɗaya da rabi na dare. Inda mutane ke zamewa shi ne ido ya ɗauki lamba ta biyu kawai, a karanta 1600 a matsayin ƙarfe shida, 1700 ƙarfe bakwai. Wanda ya yi haka ya makara da awa biyu. Ga tsoho ko tsohuwa ina haɗa musu da lokutan salla, don shi ne agogon da ba ya ɓace musu: 05 asuba, 14 azahar, 16 la'asar, 18 zuwa 19 magariba, 20 isha'i. Ita kuwa 00 ba ta da sallarta, kuma ita ce mai cin mutane. Duk inda ka ga awa ta fara da 00, 01, 02, 03 ko 04, ka sa a ranka cewa ranar barin gida ita ce jiyan kwanan watan da aka rubuta. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu sabawa da wannan agogon, don a can ana rubuta 21h ko 0h40 a takardu, kuma mai shiga bas ɗin ƙarfe huɗu na asuba daga Yamai zuwa Damagaram ya san tun daren yake zuwa tasha.

Wasu shafukan sayar da tikiti, musamman masu bin salon Amurka, suna rubuta lokacin da `AM` da `PM`. A can jirgin Hajiya zai fito a matsayin `12:40 AM`, kuma wannan ya fi `0040` rikita mutane, don sha biyu tana da kama da rana. `12:40 AM` tsakar dare ne. `12:40 PM` shi ne na rana, gab da azahar. In wayarka tana nuna lokaci da wannan salon, ka shiga saitinta ka mayar da ita agogon awa ashirin da huɗu tun yanzu, ta yadda abin da ke fuskar wayar zai zama daidai da abin da ke takarda da allon filin jirgi. Kafin ranar tafiya idonka ya saba.

Abu na biyu da takardar ba ta faɗa a fili ba: kowane lokaci da aka rubuta, na garin da ke gefensa ne. 0040 agogon Kano ne, 0725 agogon Jidda ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, duk shekara, don babu ɗayansu da ke sauya agogo da bazara ko hunturu. In ka cire 0040 daga 0725 za ka samu awa shida da minti arba'in da biyar, amma Hajiya ba za ta daɗe haka a sama ba. Ka cire awa biyun bambanci, saura awa huɗu da minti arba'in da biyar. Lokacin da za ta sauka, bakwai da minti ashirin da biyar a Jidda, ku a nan biyar da minti ashirin da biyar ne, lokacin sallar asuba.

Yanzu dawowa, kuma a nan lamarin ya juye. 2330 na ranar 29 ga Nuwamba Asabar ce da dare ta gaske, irin wadda ka yi zato tun farko: za ta wuni a can ranar Asabar, ta isa filin jirgin Jidda wajen takwas na dare, jirgi ya tashi saura rabin awa Asabar ta ƙare. Ka ga tikiti ɗaya, lambar rana ɗaya, 6 da 6, amma a tafiya Juma'a ake zuwa fili, a dawowa Asabar. Wannan shi ya sa ba na yarda a haddace doka irin "kullum a je kwana ɗaya kafin". Lambar awa ake dubawa.

Alamar `+1` da ke maƙale da 0220 tana cewa sauka a kashegarin ranar tashi ne. Jirgin zai baro Jidda 23:30 agogon can, wato 21:30 agogonmu na ranar Asabar, ya yi awa huɗu da minti hamsin, ya sauka Kano 02:20 na ranar Lahadi 30 ga Nuwamba. Don haka ku masu ɗauko ta, Asabar 29 ga wata za ku shigo Kano da rana, ku samu inda za ku huta, ku je fili bayan tsakar dare, daren Asabar wayewar Lahadi. Ka lura tarkon da ke jiran Hajiya a tafiya shi ne ke jiranku a nan. In wani ya ce muku "Lahadi za ta sauka" kuka taso Lahadi da safe, za ta yi awanni a zaune da kayanta ba kowa. Ku ƙara mata kamar awa ɗaya ko fiye na duba fasfo da jiran kaya kafin ta fito. Shawarata ku kwana a Kano, gari ya waye sannan ku kama hanya. Tsohuwa da ta kwana a jirgi bayan mako biyu na ibada ba ta buƙatar tafiyar awa uku a mota cikin duhu.

Ga yadda ranar Juma'ar za ta kasance in an lissafa daga baya zuwa gaba, wanda shi ne lissafin da ba ya yaudara. Tashi 00:40. A jiragen sama na ƙasa da ƙasa yawanci ana rufe kantar awon kaya awa ɗaya kafin tashi, wato 23:40 na Juma'a, kuma wasu kamfanonin suna rufewa tun kafin haka. Ana buɗe ta kamar awa uku kafin tashi, wato wajen 21:40. Jirgin Umara kuwa layinsa dogo ne kuma a hankali yake tafiya, ga tsofaffi ga kaya, saboda haka tara na dare ba wuri ba ne. Daga Katsina zuwa Kano ka ware awa uku, ka ƙara wani abu saboda shingayen hanya da cunkoson shiga gari. In kun taso da an sauko daga masallacin Juma'a, za ku shiga Kano kafin magariba, Hajiya ta ci abinci, ta yi wanka, ta yi sallolinta a natse. Ka duba da kyau: duk waɗannan lokutan, barin gida, awon kaya, buga fasfo, a ranar 14 suke. Tashin jirgin ne kaɗai ya faɗa cikin 15.

Bari in nuna maka yadda abin yake kasancewa ga wanda ya zo a makare da kwana guda, don ka ga dalilin da ya sa ba ya gane kuskurensa sai a ƙarshe. Yawancin jiragen nan lambarsu ɗaya ce duk ranar da suke tashi. Mutum zai shigo fili Asabar da dare, ya ɗaga kai ya kalli allo, ya ga lambar jirginsa, ga Jidda, ga 00:40, komai daidai da takardar hannunsa. Hankalinsa ya kwanta. Ya naɗe jakunkuna da leda, 'yan rakiya su yi masa addu'a su juya. Ya yi awa guda a layi yana tura kaya da ƙafa. Ya miƙa fasfo, ma'aikaciya ta buga sunansa, ta sake bugawa, ta karɓi takardar ta duba, sannan ta ɗora yatsa a kan kwanan watan ta juyo masa da ita: "Baba, jirginka na jiya ne." Jirgin da ke allon na 16 ga wata ne. In kuwa jirgin ba kullum yake tashi ba, sai ya tarar da kanta a rufe, fili shiru.

Asarar ba ta tsaya a kujerar tafiya ba, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Da jirgi ya tashi ba ka ciki, na'ura tana yi maka alamar `NO SHOW`, kuma a yawancin kamfanoni sauran zangunan da ke tikitin suna sokuwa da kansu, har da dawowa. Wato ko ka sayi wani tikitin tafiya kaɗai ka isa Jidda, kana iya zuwa ranar 29 ka tarar ba ka da kujerar komowa. Gyaran kuma kuɗi uku yake tarawa: tarar rashin zuwa, kuɗin sauya rana, da cikon farashi in kujerar da ta rage ta fi taka tsada, wanda a lokacin Umara kusan kullum haka ne. Wasu tikitocin masu araha ma da an rasa jirgin shi ke nan, sai ɗan harajin da ba a yi amfani da shi ba za a iya maidowa. In abin ya riga ya faru, kada a sayi sabon tikiti a gigice. A fara kiran ejan ɗin da ya yanka, ya duba sharuɗɗan wannan tikitin, ya ga ko dawowar tana nan, sannan a yanke shawara. In kuma an farga tun jirgi bai tashi ba, ko da awa biyu ne, a sa ejan ya cire kujerar nan take, don sauya rana kafin tashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuskuren yana da wata fuska da ke faruwa tun wajen saye, kuma gara ka san ta don gaba. A ce kana so ka tashi Juma'a da dare. Ka shiga shafin sayar da tikiti ka zaɓi Juma'a 14. Jerin jirage ya fito, kuma da yake sau da yawa ana jera su daga mai tashi da wuri, na 00:40 ne a sama. Ka ga dare ne, ka ga Juma'a ce, ka biya. Abin da ka saya jirgin daren Alhamis ne wayewar Juma'a. Za ka je fili Juma'a da dare ka tarar ya tafi tun jiya. Mai son barin gida Juma'a da yamma yana da zaɓi biyu: jirgin 14 ga wata mai tashi kafin 23:59, ko jirgin 15 ga wata mai tashi bayan 00:00. Saboda haka in kana magana da ejan, kada ka ce masa "Juma'a da dare" ka tsaya. Ka ce masa ranar da kake so ka bar gida da ranar da kake so ka wayi gari a can, ka bar shi ya nemo kwanan watan da ya dace. Kuma kafin ya fitar da tikiti ya turo maka layukan ka duba. Wata a rubuta shi da haruffa, `15NOV`, don `11/12` a wurin Ba'amurke 12 ga Nuwamba ne, a wurinmu 11 ga Disamba.

In an riga an fitar ka ga kuskure, sauri shi ne magani. A tsarin da yawancin ejan ke aiki da shi, ana iya soke tikiti a ranar da aka fitar da shi kamar ba a taɓa yanka ba, abin da na'ura ke kira `VOID`, ba tare da tarar kamfani ba. Wannan damar ma da tsakar dare take rufewa. Tikitin da aka fitar ƙarfe goma na dare, awa biyu kawai gare ka. Shi ya sa nake roƙon mutane su karanta takardarsu a lokacin da ta shigo waya, kada su ajiye sai ana gobe tafiya.

Akwai wani abu da ko wanda ya fahimci duk wannan yana iya faɗawa ciki, kuma ina so ka sa ido a kansa tsakanin yau da ranar tafiya: sauyin jadawali. Kamfani yana iya matso da jirgin 00:40 baya da minti hamsin, ya koma 23:50. A agogo ƙaramin sauyi ne, daren ma bai canja ba. Amma a takarda kwanan wata zai koma 14 ga Nuwamba, lambar rana ta koma 5. Mai karantawa a gurguje zai ɗauka an matso da tafiyar da kwana guda, ko kuma ya ci gaba da bin dokar "jiyan kwanan wata" ya tafi fili ranar Alhamis. Haka in jirgin dawowa na 23:30 aka tura shi zuwa 00:15, takarda za ta ce 30 ga wata, alamar `+1` ta ɓace, Hajiya ta ɗauka an ƙara mata kwana a Makka, alhali minti arba'in da biyar aka ƙara mata. Duk saƙon sauyi da ya zo, a karanta awa da kwanan wata tare, a sake lissafin daga farko. Jinkiri na ranar tafiya kuwa daban ne: jirgin 23:30 na Asabar da ya makara har ɗaya na dare yana nan a matsayin jirgin 29 ga wata, katin shiga jirgi ba ya canjawa, kuma ana zuwa fili a kan lokacin farko sai in kamfanin ne ya ce a jinkirta.

Otal ma yana da nasa lissafin, kuma ya saɓa da na tikiti. Otal yana kiran dare da sunan ranar da ka shiga ɗaki da yamma. Ɗakin 15 ga wata ana ba da shi ne da rana ko bayan la'asar ta 15, a fita wajen tsakar ranar 16. Hajiya za ta sauka 07:25, ta gama da jami'an fili, mota ta kai ta Makka da hantsi ko kusa da azahar, wataƙila ɗakin bai zama nata ba tukuna. In cikin ayari take, shugaban ayari ya san yadda zai yi. In ku kuka kama mata ɗaki, ko dai ku roƙi a ba ta da wuri, ko ku biya daren 14 ku sanar da su cewa sai da safe za ta iso, don in ba a sanar ba suna iya ɗauka ba ta zo ba su ba wani. Daga 15 zuwa 29 dare goma sha huɗu ne. Kuma da a ce jirgin dawowa 01:30 ne na ranar 30, dare goma sha huɗun ne dai, don ranar 29 za ta bar otal. Haka lissafin biza: duk wanda bizarsa ke ƙarewa a wata rana, kada ya yanki jirgin bayan tsakar daren ranar yana cewa ai daren bai ƙare ba. Layi ya ja, sha biyu ta buga kafin a buga masa fasfo, ya shiga sahun waɗanda suka wuce wa'adi. A bar tazarar kwana ɗaya ko biyu.

Kafin ranar, ka yi abu biyu. Ka shiga shafin kamfanin jirgin da lambar ajiyar kujera, mai haruffa da lambobi shida da ke saman takardar, tare da sunan Hajiya kamar yadda yake a fasfo, ka ga lokacin da idonka, ka sake dubawa ranar Laraba da ranar Alhamis. Takardar da ejan ya turo hoton ranar da aka yanka ce, ba ta sanin an yi sauyi. Sannan ka ɗauki biro ka rubuta wa Hajiya a bayan takardar da manyan baƙi, da boko ko da ajami, wanda ta fi karantawa, ba tare da lambobin jirgi ba: "Tafiya: Juma'a 14 ga Nuwamba, a fili ƙarfe tara na dare. Dawowa: Asabar 29 ga Nuwamba, a filin Jidda ƙarfe takwas na dare agogon Saudiyya. Sauka Kano: biyu da minti ashirin na dare, wayewar Lahadi." Ka tura wa yayanka da direba wannan rubutun, ka kuma karanta mata shi da murya a saƙon waya, don ta iya sake saurara tana can ko ta kunna wa shugaban ayarinsu in an samu saɓani.